Darasi: Sitenles, Tagulla ko Roba, Wane Mahaɗin Famfo Ne Ya Fi Jure Zartsi da Tsatsa?

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bambanta farin ɓawon da ruwa ke bari da tsatsar da ke cin ƙarfe;
2. gane irin zartsin da ke cikin ruwan gidansa;
3. faɗin inda sitenles da tagulla da roba kowanne ya fi ƙarfi, da inda yake gazawa;
4. zaɓar mahaɗin da ya dace da kowane gurbi, daga bakin rijiyar burtsatse har banɗaki.

1. Matsala biyu ce, ba ɗaya ba

Idan famfo ya rage ƙarfi, ko wani mahaɗi ya fara yoyo, mutane kan ce ruwan ne ya cinye shi. Maganar tana da gaskiya, amma ta haɗa abu biyu mabambanta wuri ɗaya. Na farko shi ne ɓawo fari mai tauri da yake taruwa a cikin bututu har ya toshe hanya. Na biyu shi ne cin da ruwa ke yi wa jikin ƙarfen har ya huje. Ɓawo ƙari ne da ya zo daga waje ya zauna. Tsatsa kuwa ragi ce, domin ƙarfen ne da kansa yake zaizayewa. Wanda bai raba su ba zai iya kashe kuɗi ya sayi mahaɗi mai tsada don maganin toshewa, bayan ɗan lokaci ya tarar da shi a toshe kamar na da.

> Mahaɗi: ƙaramin yanki da ke haɗa bututu da bututu, ko yake juya ruwa, ko yake tsayar da shi. Masu gyaran famfo suna kiransu elbo, ti, soket, yuniyan da bawul. Kan famfo ma yana cikinsu a wannan darasi.

> Tiredi: haƙoran da ake murɗawa don haɗa yanki biyu. Mai tiredi a waje shi ne namiji, mai tiredi a ciki ita ce mace.

2. Zartsi iri biyu

Ruwan sama idan ya nitse cikin ƙasa yana narkar da kaɗan daga duwatsun da ya ratsa. Inda akwai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa don yin siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a jihar Gwambe, da Malbaza a Nijar, ruwan kan ɗauko sinadarin kalsiyam, wani lokaci da maganiziyam. Ido ba ya ganinsu, ruwan garau yake. Sabulu ne yake fara tona asirinsu, domin sai ya ƙi kumfa, ya bar wani dussa-dussa a gefen bokiti.

Akwai kuma ruwan da gishiri ne ya yi masa yawa. A cikin gishiri akwai sinadarin da ake kira kulorayid, kuma shi ne babban abokin gabar ƙarfe a harkar famfo. A bakin mutane duka biyun ruwan zartsi ne, amma aikinsu a cikin bututu ya bambanta ƙwarai: na farko toshewa yake yi, na biyu ci yake yi. Rijiya ɗaya tana iya haɗa su duka.

> Ruwa mai tauri: ruwan da kalsiyam da maganiziyam suka yi yawa a cikinsa. Ana auna taurin da miligiram a kowace lita. Daga 0 zuwa 60 ruwa ne mai laushi, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai tauri, abin da ya haura 180 kuwa mai tauri ƙwarai.

> Farin ɓawo: farar ƙasar da ke fita daga ruwa mai tauri ta daskare a jikin bututu, ko mahaɗi, ko tukunya.

Abu biyu ne ke fitar da farar ƙasa daga cikin ruwa. Ɗaya zafi: da zarar ruwa ya kai wajen digiri 60, ɓawo yana taruwa da sauri, shi ya sa gindin butar dafa shayi yake yin fari, yana kauri kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo. Ɗayan kuma bushewa: duk inda ɗigon ruwa ya tsaya ya bushe, kamar bakin famfo da ƙananan hujojin shawa, ruwan ya tafi ya bar farar ƙasarsa. Ku lura da kyau, ba a ambaci irin kayan da aka yi bututun da shi ba. Ɓawo daga ruwa yake fitowa. Saboda haka babu mahaɗin da zai hana shi samuwa, ko na zinariya ne. Bambancin da ke tsakanin kaya shi ne yadda ɓawon ke samun wurin kamawa, da yadda yake sauƙin cirewa. Jiki mai santsi ba ya ba shi kafa da wuri, jiki mai kaushi kuwa maraba yake yi da shi.

Ga yadda za ku gwada ruwanku a gida. Ku dafa shi a tukunya mai tsabta har ya ƙone. In kun ga farin gari a gindi, ku matsa lemon tsami a kai. Idan ya yi kumfa yana ƙara a hankali, farar ƙasa ce. Sannan ku ɗanɗana ruwan. Harshen mutum yakan fara jin gishiri ne idan kulorayid ya kai wajen miligiram 250 a lita. Ku riƙe wannan adadi, zai yi mana amfani a gaba. Wanda zai yi babban aiki, kamar famfon makaranta ko na masallaci, ya kai ruwan ɗakin gwaji ya nemi a ba shi adadi biyu: na tauri da na kulorayid. Ƙaramar na'urar nan da ake tsomawa a ruwa ta nuna lamba jimillar abin da ya narke kawai take faɗa, ba ta raba farar ƙasa da gishiri.

*Misali na ɗaya.* Wani elbo yana da rami mai faɗin milimita 15. Ɓawo mai kaurin milimita 2 ya zagaye cikinsa. Tun da ɓawon yana kowane gefe, faɗin da ya rage shi ne 15 − 2 − 2 = 11. Girman ƙofar da ruwa ke bi yana tafiya ne da faɗin idan an ninka shi da kansa. Da farko 15 × 15 = 225. Yanzu 11 × 11 = 121. Idan aka raba 121 da 225 za a sami kusan kashi 54 cikin 100. Ɓawon da bai fi kaurin ƙwayar gero ba ya cinye kusan rabin hanyar ruwa. Wannan ne ya sa a yankin ruwa mai tauri nake ba da shawarar a guji matsattsun mahaɗai, a zaɓi bawul mai cikakken rami, wanda ƙofarsa ta yi daidai da ta bututun.

3. Tsatsa da ƴan uwanta

> Tsatsa: jan garin da ke samuwa idan baƙin ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Abin da babu baƙin ƙarfe a cikinsa ba ya tsatsa, amma yana iya lalacewa ta wata hanyar.

Tsofaffin mahaɗan famfo na baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya, wato zinki. Tutiyar ce ke kare ƙarfen har ta ƙare. Wurin da aka yanka tiredi kuwa an riga an kankare ta, shi ya sa yoyo yakan fara daga nan. Cikin irin wannan mahaɗi idan ya yi tsatsa sai ya yi ƙuraje, ɓawo ya sami wurin kamawa, matsalolin biyu su haɗu. Da su ne za mu auna sauran ukun, kuma duka ukun sun fi su.

A nan akwai abin da ke ruɗin mutane. Wani ruwan burtsatse yana ɗauke da baƙin ƙarfe narkakke tun daga ƙarƙashin ƙasa. Yana fitowa garau, amma in ya kwana a bokiti sai ya yi ja-ja. Irin wannan ruwa yana rina har roba da tayil. Idan kun ga jan tabo a cikin bututun roba, ba robar ce ta yi tsatsa ba, ruwan ne ya zo da shi, ko kuma akwai wani ƙarfe a baya da yake zubo da ita.

4. Sitenles

Sitenles baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kuromiyam yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani. Ita ce ke hana tsatsa. Idan aka karce ta, tana sake rufewa da kanta muddin iska ko ruwa mai gudana yana kaiwa wurin. Duk ƙarfin sitenles yana cikin wannan fata, duk rauninsa ma yana can.

Ba duk sitenles ne ɗaya ba. Ana buga lamba a jikinsa, kuma uku ne za ku fi gamuwa da su a kasuwa. Mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, shi ne na yau da kullum. Mai lamba 316 an ƙara masa molibdenam kashi 2 zuwa 3, wanda ke ƙarfafa fatar a gaban gishiri. Mai lamba 201 an rage masa nikel an cike da manganis don ya yi araha. Yana ƙyalli kamar sauran, amma shi ne ke saurin yin ɗige-ɗigen tsatsa.

Kulorayid ba ya cin sitenles gaba ɗaya kamar yadda tsatsa ke cin baƙin ƙarfe. Wuri ɗaya yake samu ya huda fatar, ya yi rami kamar na bakin allura, ya ci gaba da nitsewa alhali sauran jikin yana ƙyalli. Mai gida sai ya ga ɗigo yana fitowa daga mahaɗin da a ido sabo ne. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce, 304 ya dace da ruwan da kulorayid ɗinsa bai wuce wajen miligiram 200 a lita ba, 316 kuma yana kaiwa wajen 1000. Zafi yana rage wannan iyaka. Yanzu ku tuna adadin da muka ajiye: harshe yana jin gishiri a wajen 250. Ma'ana, ruwan da bakinku ya ji gishirinsa ya riga ya fi ƙarfin 304.

Game da ɓawo, sitenles mai santsi ba ya riƙe shi da ƙarfi, kuma yana jure wanki da lemon tsami ko binega ba tare da ya lalace ba. Amma kada a bar ɓawon ya daɗe. A ƙarƙashinsa iska ba ta kaiwa, gishiri yana taruwa, fatar ba ta samun damar rufewa, sai huji ya fara a ɓoye. Haka ma a cikin lungun tiredi da ƙarƙashin washa, inda ruwa ke kwanciya.

Abu uku ne ke kashe sitenles a gida tun kwanansa bai ƙare ba: jiƙa shi cikin bilic, wanke shi da asid ɗin wankin masai, da goge shi da soson baƙin ƙarfe, wanda ke barin ɓurɓushi ya yi tsatsa a kansa. Wajen ɗaurawa kuma, tiredin sitenles a kan sitenles yakan cije idan aka murɗa da gaggawa a bushe, ya ƙi gaba ya ƙi baya. A naɗa masa farin tef, a murɗa a hankali.

Kada ku dogara da maganaɗisu wajen saye. Gaskiya ne 304 da 316 ba sa kama shi sosai, amma 201 ma ba ya kamawa. Abin da maganaɗisu zai tona kawai shi ne baƙin ƙarfen da aka yi wa rufin ƙyalli, da wani sitenles mara nikel.

5. Tagulla

> Tagulla: gaurayen jan ƙarfe da tutiya. A mahaɗan famfo, jan ƙarfe yakan kai wajen kashi 60, tutiya wajen kashi 40. Launinta rawaya ne.

Tagulla ba ta tsatsa tun da babu baƙin ƙarfe a cikinta. Tana karɓar tiredi mai kyau, tana jure zafi da rana da bugu, ana kwance ta a mayar sau da yawa ba ta lalace ba. Shi ya sa yawancin bawul da kan famfo na kirki da ita ake yi. Tana dusashewa, wani lokaci ta yi kore-kore a waje, amma wannan a sama ne kawai.

Ciwonta na gaske daban ne. A cikin ruwa mai gishiri, musamman mai ɗumi ko wanda ke daɗewa a tsaye, tutiyar tana narkewa ta fice, ta bar jan ƙarfen shi kaɗai. Siffar mahaɗin ba ta canzawa, amma cikinsa ya zama fanko-fanko, ba ƙarfi. Alamominsa uku ne: wani farin gari mai laushi da ke tsirowa a jikin mahaɗin ko a cikinsa, damshi da ke tsattsafowa ba tare da an ga tsaga ba, da launi da ya juya daga rawaya zuwa ja-ja. Mai gyara yakan sa sifana da niyyar ƙara ɗaurewa, sai wuyan bawul ɗin ya karye a hannunsa. In kun duba wurin karayar za ku ga ja ne mai kaushi, ba rawaya mai ƙyalli ba.

> Zubar tutiya: ficewar tutiya daga tagulla, wadda ke barin jan ƙarfe mara ƙarfi. Tagullar da tutiyarta ta haura kashi 15 ce ke fuskantar wannan haɗari.

An yi wa wannan magani. Akwai tagullar da aka ƙara wa ɗan ƙanƙanin sinadari, aka kuma gasa ta ta hanyar da ke hana tutiyar ficewa. Ana buga mata alamar DZR ko CR a jiki. Wadda aka buga wa CW617N kuwa tagulla ce ta yau da kullum, mai kyau a ruwan da ba shi da gishiri, amma ba ta da wannan kariya.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, ruwa mai tauri wanda ba shi da gishiri ba ya cutar tagulla sosai. Siririn ɓawon da ya kwanta a ciki ma yana ɗan raba ta da ruwan. Matsalar a nan ita ce cijewa: ɓawo yana shiga tsakanin sassan da ke motsi, bawul ya ƙi juyawa ranar da ake buƙatarsa. Maganin ba ya cin ko kwabo. A riƙa rufe kowane bawul ana buɗewa sau biyu ko uku a wata. Cikin tagullar da aka zuba a mazubi kuma yana da ɗan kaushi, don haka ta fi sitenles da roba riƙe ɓawo.

Tagullar yau da kullum tana ɗauke da dalma wajen kashi 2, don ta yi sauƙin yanka. Dalma guba ce, musamman ga yara da mata masu ciki. Ruwan da ya kwana a cikin famfo a bar shi ya zuba kaɗan kafin a ɗebi na sha, kuma kada a dama kokon jariri da ruwan da ya fito daga famfon zafi.

A kasuwa akwai kan famfo mai ƙyalli da ake sayarwa da sunan tagulla, alhali cikinsa tutiya ce kusan zalla. Araha ba ta ado: irin wannan yana kumbura ya yi ƙuraje, ya ɓare daga tiredi. Ku leƙa cikin ramin, ko ku nemi izinin mai shago ku ɗan goga magagari a bakin tiredin. Tagulla za ta nuna rawaya, jabu zai nuna fari mai toka-toka.

6. Roba

A fagen tsatsa roba ba ta da abokin takara. Gishiri ba ya huda ta, ba ta da tutiyar da za ta zube. Cikinta santsi ne, ɓawo ba ya kama ta da ƙarfi, wanda ya kama ma yakan ɓamɓare. Sai dai ɓamɓararren ɓawon yana bin ruwa ya je ya toshe shawa da rariyar bakin famfo, saboda haka kada a ce roba ta raba mutum da ɓawo.

Abokan gabarta su ne zafi, rana da ƙarfin hannu. Mai alamar PVC, wadda ake haɗawa da gam, ta ruwan sanyi ce. Iyakarta digiri 60, kuma tun kafin nan ƙarfinta yake raguwa. Mai alamar PPR, wadda aka fi gani koriya, ana narka bakinta da injin zafi a digiri 260 a haɗa, tana ɗaukar ruwan zafin gida. In aka bar ta a injin fiye da kima, narkakkiyar robar tana tattaruwa a ciki ta matse ramin, mai gida ya ɗora wa ɓawo laifin da ba nasa ba. Dukansu biyu rana tana cinsu: launi ya koɗe, jiki ya yi gari-gari, wata rana ɗan bugu kaɗan ya fasa su. Duk robar da za ta zauna a fili a binne ta, ko a rufe ta, ko a shafa mata farin fenti na ruwa. Baƙar robar nan mai zuwa a naɗe, wadda ake binnewa daga rijiya zuwa gida, ta fi su jure rana saboda baƙin sinadarin da aka sa mata.

Wajen haɗa roba da ƙarfe akwai ƙa'ida: namijin roba a cikin macen ƙarfe. In aka juya, aka murɗa namijin ƙarfe cikin macen roba, yana buɗa ta har ta tsage, ko nan take ko bayan watanni. A ɗaure da hannu, a ƙara juyi ɗaya ko biyu da sifana, a tsaya. Akwai mahaɗan roba da aka dasa wa tiredin tagulla a ciki don kauce wa wannan. Suna da amfani, amma wannan tiredin tagulla ce, duk abin da muka faɗa a sashe na 5 ya shafe shi.

*Misali na biyu.* Bututun PPR yana miƙewa milimita 0.15 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. A ce an shimfiɗa mita 10 a bayan ɗaki, zafinsa da asuba digiri 20, da azahar ya kai 50. Bambancin digiri 30 ne. Lissafi: 0.15 × 10 × 30 = milimita 45. Bututun yana tsawo da santimita huɗu da rabi, yana komawa, kowace rana. Idan an ɗaure bakinsa biyu tamau, elbo ne zai sha wannan ja-in-ja har ya tsage. A bar masa lanƙwasa ko maɗauri mai sassauci.

7. Haɗa ƙarfe biyu mabambanta

Idan ƙarfe iri biyu suka taɓa juna a cikin ruwa, wata ƴar wutar lantarki tana gudana tsakaninsu, mai rauni a cikinsu ya riƙa cinyewa da sauri. Bawul ɗin tagulla ko na sitenles da aka murɗa kai tsaye a tsohon bututun baƙin ƙarfe yana hanzarta tsatsar bututun, daidai bakin tiredi. Gishiri yana ƙara wa abin gudu. A sa guntun mahaɗin roba a tsakani ya raba su. Tagulla da sitenles kuwa suna zaman lafiya da juna a ruwan gida.

8. Aiki cikakke: gida mai rijiyar burtsatse

A ɗauka wani magidanci ya kai ruwan rijiyarsa gwaji, aka ba shi tauri 260, kulorayid 320. Yana da tanki a sama, da hita a banɗaki, da famfo a tsakar gida. Tauri 260 ya haura 180, don haka ɓawo tabbas ne, kowane kaya ya saya. Kulorayid 320 ya haura 200, don haka 304 ya fita, 201 ba a ma maganarsa, tagullar da ba ta da alamar DZR ko CR kuma tana cikin haɗari.

Daga rijiya zuwa gindin tanki zai binne baƙar roba da mahaɗanta na roba. Bututun da ya hau tanki yana cikin rana, sai a yi masa fenti ko rufi. Bawul ɗin ƙarƙashin tanki shi ne wanda ake buƙata ranar da wani abu ya fashe, kuma hannun bawul ɗin roba yakan karye in rana ta gasa shi. A nan zan sa 316, in bai samu ba tagulla mai alamar kariya, mai cikakken rami. A cikin bango, PPR ga ruwan zafi da na sanyi, ko PVC ga na sanyi kaɗai. Bakin hita wuri ne da zafi da gishiri suka haɗu, roba mai gam ba ta zuwa nan, sai tagulla mai kariya ko 316, tare da yuniyan don a iya kwancewa a kankare ɓawo. Hitar a saita ta a wajen digiri 60, kada a ƙure ta. Kan shawa ya zaɓi mai hujojin roba masu laushi, waɗanda ake murzawa da yatsa ɓawon ya faɗo. Famfon tsakar gida yana shan rana da hannun yara da bugun bokiti, ƙarfe ne ya dace da shi. In kuɗi bai kai ba, a ganina gara kan famfon roba da an san za a riƙa canzawa, da jabun ƙarfe mai ƙyalli da zai karye ya bar guntunsa a cikin soket.

Da a ce gwajin ya nuna tauri 260 amma kulorayid 60 kacal, da lissafin ya sauya. Tagullar yau da kullum da 304 duk za su yi shekaru lafiya, sayen 316 ya zama ɓarnar kuɗi, aikin da ya rage shi ne wanke ɓawo. Ga yadda ake yinsa: a kwance kan famfon ko shawar, a jiƙa cikin binega ko ruwan lemon tsami da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a bar shi kamar awa ɗaya, a goge da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye sosai. Roba da sitenles suna jure wannan jiƙo. Tagulla kuwa kada ta kwana a ciki, domin tsami yana cin tutiyarta. Kuma kada a taɓa haɗa binega da bilic. Iskar da ke tashi daga haɗin guba ce.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambanci tsakanin farin ɓawo da tsatsa? Wanne ne canza mahaɗi zai iya hanawa?
2. Waɗanne abubuwa biyu ne ke fitar da farar ƙasa daga cikin ruwa? Kawo wuri ɗaya a gidanku inda kowanne ke faruwa.
3. Wani ti yana da rami mai faɗin milimita 20, ɓawo mai kaurin milimita 3 ya zagaye shi. Kashi nawa cikin 100 na hanyar ruwa ya rage?
4. Me ya sa maganaɗisu ba zai bambanta 304 da 201 ba?
5. Bawul ɗin tagulla ya karye, wurin karayar ja ne mai kaushi. Me ya same shi? Wace alama za a nema a jikin sabon da za a saya?
6. An shimfiɗa bututun PPR mai tsawon mita 6, zafinsa ya tashi da digiri 40. Da milimita nawa zai miƙe?
7. Wata mata ta ga jan tabo a cikin bututun roba na gidanta. Kawo dalilai biyu da za su iya jawo haka.
8. Gwajin ruwan wata makaranta ya nuna tauri 90, kulorayid 450. Wane mahaɗi za ka zaɓa a ƙarƙashin tanki, wane kuma a cikin bango? Bayyana dalilinka.
9. Aikin gida: dafa ruwan da kuke sha har ya ƙone, gwada abin da ya rage da lemon tsami, sannan ka duba alamomin da ke jikin mahaɗai uku na gidanku ko na maƙwabta. Rubuta abin da ka gani ka kawo aji.